Tuni Iri Biyu

Agogo suke kirana a ofis, kuma ba yabo ba ne. Akanta ne ya laƙaba min sunan, ranar da na ce taron da aka sa ƙarfe tara ya kamata a fara shi ƙarfe tara. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ashe Manaja ya sayo mana agogo mai magana." Kowa ya yi dariya har da ni, don a lokacin ban san sunan zai manne ba.

Kamfaninmu ƙarami ne, na injiniyoyin ruwa. Mu muke zana wa garuruwa hanyar bututu da tankuna, wasu su zo su gina. A saman bene muke, ƙasanmu shagon tayoyi ne, shi ya sa komai namu warin roba yake yi, har takardu. Babban ɗaki ɗaya ne mai tebura da firinta mai cin takarda, sai ƙananan ofisoshi biyu masu ƙofa, ɗaya na Manaja, ɗaya na Baba Injiniya. A wurin nan ƙofa ita ce girma. Mai ƙofa ba a yi masa magana daga zaune.

Ni teburina yana jikin ƙofar banɗaki. Na fito jami'a da sakamakon da ya fi na kowa a ajinmu, maza da yawa na bari a baya suna haki, sannan aka ɗauke ni aikin gwaji na wata shida. Idan ya cika, Manaja zai tambayi Baba Injiniya ko a riƙe ni ko a sallame ni, kuma abin da Baba ya faɗa shi ke nan. Saura kaɗan ya cika maganar kwangilar nan ta taso.

Wata hukumar ruwa ce ta buga sanarwa tana neman kamfanin da zai zana mata aikin wasu garuruwa. A shafinsu na intanet ake saka takardun nema, kuma shafin zai rufe ranar Alhamis da tsakar rana. Shafi bai san gaisuwa ba. Ba a kiransa a waya a ce ga ɗan wane nan tafe, a ɗan jira.

Manaja ya raba aikin. Akanta zai fitar da farashi. Anti Sakatariya za ta haɗa takardun rajista da shaidar haraji da tarihin aikin kowa. Dogo, wanda ya riga ni zuwa da shekara biyu, zai yi taswira da zane. Baba Injiniya zai rubuta zuciyar abin, wato bayanin yadda za mu gudanar da aikin da jadawalinsa, ya sa hannu ya buga hatiminsa. Hatimin nan shi kaɗai yake da shi a kamfanin, ba shi kuwa takardunmu shara ne.

"Ke za ki tattara," in ji Manaja. "Ki bi kowa ki karɓa, ki haɗa, ki saka. In aka makara ke zan tambaya." Har na juya ya ƙara da cewa, "Amma ki kula da bakinki. Ba na son irin na wancan watan."

Na wancan watan ga shi. Na rubuta a zauren WhatsApp na ofis cewa, "Ku turo min rahotanninku kafin Talata." Iyakar laifin ke nan. Baba Injiniya ya buɗe ƙofarsa ya fito da waya a hannu, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya karanta da ƙarfi.

"'Ku turo min.' Ni ne a cikin 'ku' ɗin? Ke, ranar da aka ba ni hatimin nan ko goyonki ba a fara ba."

Na miƙe na ce, "Baba, a yi haƙuri, ba haka nake nufi ba."

"Boko dai ya ba ku takarda ya karɓe kunya," in ji Baba.

Anti Sakatariya ta yi ta girgiza kai kamar an yi mutuwa. Rahotannin kuwa har Talatar ta wuce babu wanda ya turo, kuma babu wanda ya ce wannan rashin kunya ne.

To yanzu ga ni tsakanin wuta biyu. In na matsa, ni mara kunya ce, Baba zai ce a sallame ni. In na yi shiru aka makara, ni ce ban iya aiki ba, Manaja zai sallame ni da kansa. An ba ni bulala an ce in kora shanu, an kuma ce kada bulalar ta taɓa ko ɗaya.

Na zauna na koyi abin da ba a koya mana a jami'a ba. Na cire "ku" na sa "a", don "a turo" ba ya nuna kowa da yatsa. Na cire "min", kada a ce na mai da kaina wata. Na rataya maganar a wuyan hukuma, ita ce mai wa'adi ba ni ba. Na ja namu wa'adin baya zuwa Talata da yamma, don in samu Laraba in haɗa in duba, in saka tun kafin shafin ya cika da 'yan makara ya fara nauyi. Na rubuta na goge har shayina ya huce. A ƙarshe ga abin da na tura ranar Litinin da safe:

"Tuni. Barkanmu da safiya. Hukuma za ta rufe shafinta ranar Alhamis da tsakar rana. Idan an samu dama a saka kowane sashe a jakar aiki ta kwamfuta zuwa gobe Talata da yamma, don a samu lokacin haɗawa. In da abin da zan taimaka da shi, ina nan. Na gode."

Na karanta na ji kamar in wanke bakina. Godiyar me? Amma na tura.

Anti ta amso da hoton furanni. Akanta ya rubuta, "Agogo ya buga." Dogo ya sa alamar dariya a ƙarƙashin na Akanta, don shi duk inda manya suka yi dariya nan yake. Can sai ga na Baba Injiniya, kalma ɗaya tal:

"Tuni."

Na tsaya ina kallon kalmar. A baki ba a rikita su. Tunin tunatarwa ana jan wutsiyarsa, tunin an gama a datse yake. Amma a rubuce tagwaye ne, ko uwarsu ba za ta raba su ba. Ko dai Baba yana cewa tuni ya gama nasa, ko kuma kalmata ya ɗauka ya jefo min, kamar yadda ake kwaikwayon muryar yaro: ji wai tuni.

Na buɗe jakar aiki. Wurin da aka ware wa sashen Baba wayam. Na duba imel, babu.

Na je teburin Anti na sunkuya na ce, "Anti, don Allah ko Baba ya ba ki nasa ki buga?"

"Bai ba ni ba."

"To ya ce tuni, ni kuwa ban gani ba."

Ta ajiye abin shafa leɓe ta dube ni. "Babba ya ce tuni, ke ki ce ina? So kike ki ce ƙarya yake?"

"Ni ban ce ba."

"To kada ki ce. Ke dai 'yar nan ki bi duniya a sannu. Mu da kika gani a nan mun ga irinki da yawa, da takalmansu masu ƙwas-ƙwas. Ina suke?"

"Na ji, Anti. Naki fa?"

"Ana kai."

A allon kwamfutarta leshi take dubawa.

Dogo na samu a bakin firinta. Shi sa'ana ne, ba sai na yi rawa ba. Na ce, "Malam, taswirar nan fa? Gobe ce."

"Ke dai kin fiye zafi. Ai Alhamis ce."

"Gobe ce."

"Su manya sun kawo? Ranar da Akanta ya kawo ni ma zan kawo."

Akanta kuwa cewa ya yi ba zai iya fitar da farashi ba sai ya ga jadawalin Baba, don daga nan ake sanin mutum nawa za su yi wata nawa. A wannan gaskiyarsa ce, duk da na san akwai rabin aikin da zai iya yi ba tare da shi ba. Kowa dai ya jingina da na gabansa, na can gaba kuma ya rufe ƙofa ya ce tuni.

Da na koma gida na tarar da Umma a kan keken ɗinkinta a falo, inda ta yi shekaru tana ɗinka kayan matan unguwa har ta biya min karatu. Na zube a kujera na ba ta labari. Ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba.

"Haƙuri za ki yi, Auta. Aikin nan muna bukatarsa. In ya ce tuni, tuni ne."

"Umma, bai yi ba. Na rantse bai ko fara ba."

"To ke ce uwarsa?"

Ana cikin haka wata mata ta yi sallama, mai jiki, da jaka a hammata. Ta ce, "Maman Auta, ɗinkina fa?"

"Ai tuni," in ji Umma, ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Guga kawai ya rage."

Ni kuwa ina ganin yadin matar a kan kabad, a ninke yadda ta kawo shi, almakashi bai taɓa shi ba. Na jira in ji matar ta ce ƙarya ne. Ba ta ce ba. Sai ta washe baki, ta cire takalmi, ta nemi wuri ta zauna.

"Kai, Allah ya yi albarka! Ni dama na faɗa wa 'yan gidanmu babu mai cika alkawari irinki. Bari in jira a goge, ba sauri nake ba."

Na ga wuyan Umma ya yi tsawo. Ta yi tari, ta ce wai maɓallai ne ba ta samu masu kyau ba, a dawo gobe da safe. Matar tana fita Umma ta ture ɗinkin da take yi, ta sauko da yadin ta shimfiɗa. Na fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Me ye abin dariya, mara kunya?"

"Ba komai, Umma. Gugar nake jira in gani."

Ta jefe ni da zare.

Talata da safe na zauna a teburina na jikin banɗaki na rubuta saƙo na biyu. Wannan ban goge ko harafi ba.

"Barkanmu da safiya. Godiya ta musamman ga Baba Injiniya, wanda duk da yawan aikinsa shi ne ya fara cewa tuni ya gama nasa tun jiya. Allah ya ƙara girma. Mu yara sai mu ji kunya mu yi koyi. Sauran sassa ana jiran su yau da yamma in Allah ya so."

Na tura. In Baba ya fito ya ce ba'a yake min, to ya faɗa da bakinsa cewa saura kwana biyu bai fara ba. In ya yi shiru, ya amsa. Haɗarin da ke ciki na sani: zai iya yin shiru yau ya rama ranar da Manaja zai tambaye shi a kaina.

Manaja ne ya fara amsawa, daga wani taro da ya tafi. "Madalla da Injiniya. Girma ke nan. Saura ku."

Anti ta rufe shafin leshi. Dogo ya jawo kujerarsa, na ji linzamin kwamfutarsa ya fara ƙas-ƙas. Akanta ya taso da kofinsa ya zo kaina.

"Agogo, tunda Injiniya ya gama, turo min jadawalin."

"Yanzu zan je in karɓo, Yallaɓai."

Ƙofar Baba ba ta buɗe ba. Na ba shi har bayan azahar, sannan na ɗauki littafina da biro na ƙwanƙwasa.

Ofishinsa cike yake da tsofaffin taswirori a naɗe, da guntun bututu mai tsatsa da yake danne takardu da shi. Yana zaune da jarida. Na gaishe shi na tsaya daga bakin ƙofa, hannu a baya, kamar 'yar aji ɗaya.

"Baba, na zo in karɓa ne, kada a wahalar da kai da turawa."

"Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Wa ya ce miki na gama?"

"Baba, gani na yi an rubuta tuni."

"Kalmarki na mayar miki. Ke har kin isa ki yi min tuni? Ni na manta ne?"

Na buɗe ido na ari salon matar da ta zo wa Umma jiya. "Wayyo, Baba, ashe ban fahimta ba. Laifina ne. Bari in koma zauren in rubuta cewa kuskure na yi, Baba bai gama ba tukuna, don kada Manaja ya…"

"Tsaya nan!"

Na tsaya.

Ya ninke jaridar a hankali, yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ni kuma na kafa ido a kan guntun bututun. A raina ina cewa, ka faɗa mana. Ka ce ba ka yi ba. Shekara talatin kana aiki, kalmar nan ba za ta kashe ka ba.

Bai faɗa ba. Abin da ya ce shi ne, "Duk yana kaina. Abin da ke kai ai an gama shi. Bugawa ce kawai, ni kuwa idona ba ya son allon nan."

"Haka ne, Baba. Guga kawai ya rage."

"Me kika ce?"

"Na ce ko in ɗauko kwamfutata a faɗa ina bugawa?"

Ya ture jaridar gefe ya ce, "In kin fita kada ki tsaya surutu."

Na fito. Akanta ya ɗaga gira. Na ce, "Baba yana ɗan gyare-gyare, ya ce in zo in taya shi." Ƙarya ce, kuma ni na ɗauke ta a kaina don in rufa wa wanda ya kira ni mara kunya asiri. Na ɗauki kwamfuta na koma.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, tsohon ya san aikinsa. Ya jingina da kujera ya lumshe ido, magana tana fitowa a jere. Inda za a fara auna ƙasa, da dalilin da ya sa ba za a yarda da alƙaluman yawan jama'a na hukuma ba sai an je an gani, da watannin da ba a gwajin rijiya don ruwan sama yana ruɗin ma'auni. Abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Aikin yini ɗaya ne a wurinsa. Ya ajiye shi mako uku don kawai kada a ce yarinya ta ce ya yi ya yi.

Na ce jadawali za mu fara yi, don Akanta yana jira. Ya ce shi ba a tsara masa. Na ce, "Haka ne, Baba," na buɗe shafin jadawali na jira. Ya yi tsaki ya fara da jadawalin.

A tsakiya na ga ya sa gwajin ruwa kafin haƙa rijiyoyin gwaji. Da a aji ne da na ɗaga hannu na faɗa kowa ya ji. A nan sai na ce, "Baba, ni ce ban gane ba. Wannan kafin wancan yake zuwa, ko na buga ba daidai ba?"

Ya duba ya ce, "Kin buga ba daidai ba. Juya su."

Na juya su. Na haɗiye laifin da ba nawa ba.

Kafin a tashi na tura wa Akanta jadawali. Dogo ya saka taswirarsa yana cewa, "Ga shi nan, a huta da kukan agogo." Anti ta kawo nata da shaidar harajin bara maimakon ta bana. Ban ce ta yi kuskure ba, na ce, "Anti, hukumar nan da fitina take, wai lallai sai ta bana." Ta ce, "Ai na sani," ta je ta nemo.

Laraba da safe na koma ofishin Baba muka ƙarasa. Na buga a firinta, ta ci takarda, na zaro, na sake. Na kai masa ya sa hannu. Ya ɗauko hatimin daga aljihun tebur, ya hura masa iska kamar mai tsafi, ya buga. Da zan fita ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ke ba ki da kirki."

"Allah ya ba da haƙuri, Baba."

"Ba yabo ba ne."

"Na sani, Baba."

Farashin Akanta sai da la'asar ya zo, don haka ban samu sakawa ranar Laraba ba kamar yadda na so. Alhamis na zo tun kafin mai shagon taya ya buɗe. Na duba komai da abin da sanarwar ta nema, na rage nauyin taswirorin Dogo don shafin ya ƙi karɓarsu, na saka bayanin aiki a gurbinsa, farashi a nasa gurbin daban yadda suka ce. Shafin ya yi ta juyi. Da hantsi saƙon shaida ya shigo cewa an karɓa. Na tura wa Manaja, na shiga banɗaki na wanke fuska, na daɗe a ciki. Amfanin tebur a jikin banɗaki ke nan, ba wanda yake lura.

Ranar Litinin aka yi taro. Manaja ya tsaya ya yi jawabi a kan haɗin kai.

"Ku dubi Injiniya. Shi ne babba, shi ne ya fara gamawa. Tun kafin a tambaya ya ce tuni. Yaran yanzu sai an bi ku da sanda."

Dogo ya fara tafi, Anti ta kama. Baba ya gyaɗa kai a hankali kamar mai karɓar gaisuwa, ya ce, "Horo ne. Mu haka aka koya mana." Bai dubi inda nake ba. Ni ma na tafa. Na tafa sosai har tafina ya fi na kowa ƙara, sai da Akanta ya juyo.

Sunana bai fito a jawabin ba, ko na Agogon.

Ranar da wata shidana ya cika Manaja ya kira ni. Na shiga na tarar da Baba a zaune a gefe yana juya makullin mota. Na tuna keken Umma da bayanta da ya fara ciwo. Na kuma yanke a raina cewa in sallama ce ba zan roƙa ba, zan ce na gode in sauka benen nan da takalmina masu ƙwas-ƙwas.

"Injiniya," in ji Manaja, "ga ta. Me ka ce?"

Baba ya dube ni, na dube shi. Shi ya san abin da na sani. In ya ce a sallame ni, ba abin da zai hana ni in faɗi yadda aka yi tunin nan kafin in kai ƙofa. Ban taɓa yi masa barazana ba, ko da ido. Ban ma tabbata zan faɗa ba. Amma shi da yake auna mutane da mudun kansa, ya tabbata.

"A riƙe ta," ya ce. "Da ta zo ba ta da tarbiyya. Amma na zauna da ita kwana biyu a ofishina, ta fara koyo."

"Ai na gani," in ji Manaja. "Saƙonninta yanzu da ladabi. Kin ji ko? Ki gode wa Injiniya."

Na ɗan rusuna. "Na gode, Baba. Na koyi abubuwa da yawa."

"Kuma tunda kin iya," Manaja ya ci gaba, "daga yau duk wani wa'adi na kamfanin nan ke za ki riƙa bi."

Albashi bai ƙaru ba, tebur bai matsa daga jikin banɗaki ba. Amma aikin ya zama nawa. Da na faɗa wa Umma ta ɗaga ƙafa daga keke, ta ce, "Kin ga amfanin haƙuri." Ban gyara mata ba.

Har yau duk saƙon da zan tura da kalmar nan nake farawa, ita kaɗai a layinta. Anti tana turo furanni. Dogo yana rubuta "an gani". Akanta yana rubuta "ana kai", wanda ba ya nufin komai kuma ba a kama mutum da shi. Baba kuwa ya daina amsawa a rubuce. In saƙon ya shiga, sai in ji ƙofarsa ta buɗe kaɗan.

"Ke, Agogo. In kin samu dama zo da kwamfutarki."

Nakan bari shayina ya ƙare tukuna.